Neman Aikin Gwamnati Daga Ƙauye: Daidaita Takardu, Cike Fom Da Zana Jarrabawa

Da zarar an ce gwamnati ta buɗe shafin ɗaukar ma'aikata, sai ka ga kafe-kafen Ringim da Gumel da Bichi da Rano sun cika da matasan da suka shigo daga ƙauyuka, kowa riƙe da ambulan ɗin takardunsa. Yawancinsu jarrabawa suke tsoro, wasu kuma tun daga gida sun sa a ransu cewa sai mai uwa a gindin murhu. Amma akwai wurin da yake kayar da mutane da yawa ba tare da sun lura ba, wato saɓanin da ke tsakanin takardunsu. Sunan da ke katin NIN daban, na takardar sakandare daban, ranar haihuwa iri biyu ko uku. Mai irin wannan matsala yana iya cin jarrabawa da maki mai kyau, ranar tantancewa a dubi fayil ɗinsa na minti biyu a ce ya koma gefe. Shi kuwa wannan gyaran ba a yin sa bayan an buɗe shafi, domin makonnin da ake bayarwa ba sa isa. Tun yanzu ake fara shi, lokacin da babu wata talla a ƙasa.

Fara da karanta tallar, ba da cike fom ba

Kowace talla tana ɗauke da sharuɗɗanta, kuma su ne doka a wannan zagayen, ko da sun saɓa da na bara. Abu huɗu ake fara nema a ciki: shekaru, matakin karatu, awon jiki idan aikin kaki ne, sai kuma ko an yarda mutum ya nemi gurbi fiye da ɗaya.

Ɗauki hukumar CDCFIB, wadda take ɗaukar ma'aikatan sibil difens, gidajen gyaran hali, kashe gobara na tarayya da kuma shige da fice. A tallarta ta 2025 ta nemi masu shekara 18 zuwa 35, tsawon namiji kada ya gaza mita 1.65, na mace mita 1.60, faɗin ƙirjin namiji kuma mita 0.87. Ta kuma ce mutum ya zaɓi ɗaya kacal daga cikin hukumomin huɗu. Wanda ya cike biyu don ya ƙara wa kansa sa'a, fitar da kansa ya yi. Aikin ɗan sanda a matakin kurtu ya fi tsauri: shekara 18 zuwa 25, tsawon namiji mita 1.67, na mace mita 1.64, ƙirjin namiji santimita 86.

Kafin ka kashe ko sisi, je wurin tela ya auna ka. Tef ɗin tela inci 60 ne, wato kusan santimita 150, don haka ba zai kai tsawonka a ja ɗaya ba. Ka cire takalmi da hula, ka jingina da bango mai shafe, a ɗora littafi a kanka a ja layi, sannan a auna daga ƙasa zuwa layin a gaɓa biyu. Mita 1.65 inci 65 ne, mita 1.60 kuma inci 63. Idan ka gaza, to ka gaza, babu takardar da za ta ƙara maka tsawo a filin tantancewa. Gara ka juya ga koyarwa, aikin lafiya ko aikin ofis, inda ba a awo.

Batun kiredit ma yana rikita mutane. A sakamakon WAEC da NECO, daga A1 zuwa C6 ne kiredit. D7 da E8 wucewa ce kawai, ba a ƙirga su. Idan talla ta ce kiredit biyar har da Turanci da Lissafi a zaman da bai wuce biyu ba, ma'anarta kana iya haɗa sakamako biyu, kamar WAEC ta wata shekara da NECO ta wata, amma ba uku ba. Mai kiredit bakwai da D7 a Turanci bai cika sharaɗin ba, maganinsa ya sake zana Turancin a jarrabawar masu zaman kansu da ake yi wajen ƙarshen shekara. Wanda ya fito daga makarantar Arabiyya da sakamakon NBAIS, ko makarantar sana'a da NABTEB, ya duba ko an ambaci takardarsa a tallar, ya kuma duba ko tana cikin jerin zaɓin da ke shafin.

Takardar karatunka ce take nuna rukunin da za ka nema. A aikin gwamnati na farar hula, mai takardar sakandare yakan fara a mataki na 04, mai ƙaramar difloma a 06, mai NCE a 07, mai digiri a 08. Hukumar kula da ma'aikatan tarayya, FCSC, ita take ɗaukar manyan matakai, daga 07 zuwa sama. A CDCFIB rukuni uku ne: na masu digiri, na masu NCE ko ƙaramar difloma, da na masu sakandare. Malamin firamare da ƙaramar sakandare kuwa, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ce take ɗauka, kuma NCE ce mafi ƙarancin takardar koyarwa a Nijeriya.

Suna da ranar haihuwa: a nan aikin yake

Tsarin fom na gwamnati ya ginu ne a kan sunan iyali guda wanda ba ya canzawa. Mu kuwa sunanmu shi ne sunan yanka, sai na mahaifi, wani lokaci a ƙara na kaka ko na gari. Ga kuma laƙabi: Sani da Salisu da Rabi'u galibi Muhammadu ne a sunan yanka, Dije Hadiza ce ko Khadija, Indo A'isha, Audu Abdullahi. Duk wanda ya cike wa yaro fom a rayuwarsa, daga hedimasta zuwa mai rajistar NIN, yadda ya ji ake kira haka ya rubuta.

Mu ɗauki misali. A ce wani matashi ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim, ya gama NCE, yana son ya nemi aikin shige da fice, ko koyarwa idan SUBEB ta buɗe. Ya baje takardunsa a kan tabarma, ga abin da ya gani. Takardar firamare ta ce Sani Abdullahi, an haife shi 12 ga Maris 2000. Rajistarsa ta sakandare ta ce Muhammad Sani Abdullahi, ranar haihuwa ɗaya da ta firamare. Sakamakon NCE ya bi sunan sakandare. Amma katin NIN ya ce Sani Abdullahi da sunan ƙauyensu a ƙarshe, ranar haihuwa kuma 1 ga Janairu 2001, saboda ranar da aka yi rajistar bai je da takarda ba, mai na'urar ya sa abin da ya sawwaƙa.

Abin da zai fara yi shi ne ya ja layi a takarda: kowace takarda da layinta, ya rubuta sunan da ke kanta harafi da harafi, da ranar haihuwa, da ƙaramar hukuma idan akwai. Harafi da harafi ɗin nan da gaske ake nufi, domin Muhammad da Mohammed sunaye biyu ne a wurin kwamfuta.

Daga nan sai ya tsayar da suna ɗaya da rana ɗaya. Ƙa'idar ita ce ranar gaskiya, wadda tsofaffin takardunsa suka tabbatar, da sunan da ke kan takardun da suka fi wuyar canzawa. Takardun jarrabawar sakandare da na kwaleji su ne masu wuya. NIN kuwa tana da hanyar gyara da hukumar NIMC ta tanada. Saboda haka a wannan misalin NIN ce za ta bi makaranta: Muhammad Sani Abdullahi, 12 ga Maris 2000. A fom, Abdullahi ne zai riƙa zama a gurbin Surname, Muhammad a First Name, Sani a Middle Name, kuma haka zai ci gaba da jerawa a ko'ina, har asusun banki.

Gyaran yana da jeri, idan aka tsallake mataki ɗaya sai an dawo baya. Da farko zai nemi takardar shaidar haihuwa daga hukumar ƙidaya ta ƙasa, NPC. Yaron da bai kai 18 ba satifiket ɗin haihuwa ake ba shi, baligi kuwa takardar tabbatar da haihuwa ake yi masa, kuma ana neman takardar rantsuwar shekaru daga kotu kafin a bayar. To kotu ce farko, sai NPC, sai NIMC, domin ba a gyara ranar haihuwa a NIN sai da takardar NPC. Gyaran ranar haihuwa ya fi gyaran suna tsada nesa ba kusa ba, yana kuma iya ɗaukar makonni kafin ya fito. Idan ya fito, sai ya buga sabon silif ya karanta da idonsa, sannan ya je banki a daidaita bayanan BVN. Wanda ya bar banki a baya, matsalar tana jiransa a ranar da za a shigar da shi tsarin albashi.

Saura takardar firamare mai ɗauke da Sani Abdullahi kawai. Wannan ba sai an canza ta ba. Takardar rantsuwa daga kotu, wadda ta jera sunayen biyu ta ce duk mutum ɗaya ne, ita take rufe wannan giɓin. Idan bambancin babba ne, kamar matar da ta sauya sunan mahaifinta da na mijinta bayan aure, ana haɗawa da sanarwar canjin suna a jaridar ƙasa da takardar shaidar aure, a ajiye shafin jaridar gaba ɗayansa don kwanan wata ya fito. Shawarar da ta fi sauƙi ga 'yan'uwa mata ita ce su bar sunan mahaifi a takardun aiki kamar yadda yake a takardun makaranta, ba dokar da ta tilasta canzawa.

Rage shekaru kuma fa? Mai shekara 28 da yake son ya shiga aikin ɗan sanda yakan ji ana ce masa ya je kotu ya rantse 24 yake. Masu tantancewa ba takardar rantsuwar kaɗai suke dubawa ba, lissafi suke yi. Idan takardar firamare ta nuna an gama a 2009, sabuwar ranar haihuwa kuma ta ce 2001, to yaron ya gama aji shida yana da shekara takwas, ya shiga aji ɗaya yana da biyu. Nan take ake gane wannan. Ko an tsallake a ranar, rantsuwar ƙarya laifi ce, kuma tana nan cikin fayil har ranar ritaya, duk wani bincike na ma'aikata yana iya tono ta.

Sauran abin da ya kamata ya shiga ambulan

Takardar indijin, wato shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, ita ce take nuna kason da za ka shiga. Aikin tarayya ana raba shi ne tsakanin jihohi bisa tsarin daidaito da tsarin mulkin 1999 ya tanada, a cikin jiha kuma ana duba ƙananan hukumomi, 44 a Kano, 27 a Jigawa. Hanyar samunta a karkara sananniya ce: mai unguwa ya shaide ka wurin dagaci, dagaci ya kai ga hakimi, da takardar hakimi ake zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma da hotunan fasfo. Kafin ka bar sakatariyar, duba abu uku: sunan ya yi daidai da wanda ka tsayar, akwai sa hannu da hatimi, akwai kwanan wata. Kada ka karɓi ta ƙaramar hukumar da ba taka ba don an ce can gurbi ya fi yawa. Wanda NIN ɗinsa ta ce Ringim, indijin ta ce Taura, ya ƙirƙiro wa kansa sabon saɓani, kuma a wurin tantancewa akan samu wakilan ƙaramar hukuma da suke tambayar mutum sunan dagacinsu da unguwarsu.

Takardun makaranta ana so a jere daga ƙasa: firamare, sakandare, sai ta gaba da sakandare. Mutane suna raina ta firamare, ga shi ana yawan tambayarta. Idan ta ɓata, a koma makarantar da ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma a nemi shaidar kammalawa, a haɗa da rahoton 'yan sanda da rantsuwar kotu cewa ta asalin ta ɓata. Ga mai NCE ko difloma, takardar sakamako ta wucin gadi ba ɗaya take da satifiket na asali ba. Wasu tallace-tallacen suna karɓar ta wucin gadi, wasu sai na asali. Idan ka gama da daɗewa, je makarantarku ka tambaya ko naka ya fito, ka biya abin da ake binka ka karɓo.

Mai digiri ko babbar difloma sai da takardar hidimar ƙasa: ta kammalawa, ko ta yafewa ga wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya gama karatu, ko wasiƙar cirewa ga wanda ya yi karatun da ba na cikakken lokaci ba. Mai NCE ba ya hidimar ƙasa, ba a nemanta a wurinsa. Abin da yake buƙata idan koyarwa zai nema shi ne shaidar hukumar rajistar malamai, TRCN, wadda ake samu bayan cin jarrabawar cancanta da ake yi a kwamfuta. Ma'aikacin lafiya kuma lasisin hukumar da ke kula da fanninsa, wanda wa'adinsa bai ƙare ba.

Takardar lafiya daga asibitin gwamnati ake karɓa, amma kada a yi gaggawar yin ta, domin sabuwa ake so. A bari sai sunan mutum ya fito. Fom ɗin masu tsaya wa mutum ma haka yake, daga shafin ake buga shi, kuma yana faɗin waɗanda aka yarda su sa hannu, kamar sarakunan gargajiya, alƙalin majistare ko ma'aikacin gwamnati mai wani mataki da aka ƙayyade. Abin yi tun yanzu shi ne ka san wa za ka tunkara, ka je ka gaishe shi ka sanar da shi, domin za a nemi hotonsa da kwafin katin shaidarsa, ba abu ne da ake yi a daren tafiya ba.

Kowace takarda a yi mata fotokwafi kamar biyar, a tanadi hotunan fasfo takwas zuwa goma masu farin bango. A sa na asali a leda mai ƙarfi saboda damina da gara. Takardar da ba a riga an manne ta cikin roba ba, a bar ta haka, domin mannewar tana ɓoye tambarin da ake shafawa a ji, zafin injin kuma yana iya ɓata rubutu.

A kafe

Neman aikin gwamnati kyauta ne. Kuɗin da za ka biya na aikin mai kafe ne da bugawa. Duk shafin da ya ce ka tura kuɗin fom zuwa wani asusu na 'yan damfara ne. Adireshin hukumomin gwamnati yana ƙarewa da .gov.ng, na soja da .mil.ng. Na CDCFIB shi ne recruitment.cdcfib.gov.ng. A rubuta adireshin da hannu, kada a danna wanda aka turo a WhatsApp, domin na jabu yakan sauya harafi ɗaya ne kawai.

Kuskuren da ya fi cutar da mutanen karkara shi ne barin mai kafe ya sa imel ɗinsa da lambar wayarsa. Gayyatar jarrabawa ta nan take zuwa, idan ta faɗa cikin saƙonni ɗari na wasu mutane, sai ranar ta wuce ba ka ji ba. Ka buɗe imel naka tun kafin ranar, ka rubuta adireshin da kalmar sirrin a littafi a gida, ka sa shi a wayarka. Lambar wayar ta zama wadda ke haɗe da NIN ɗinka, kuma layin ya kasance yana aiki, domin akan turo lambar tabbatarwa. Wanda ya manta lambar NIN ɗinsa yana iya danna *346# a layin da ya yi rajista da shi.

Ka zauna kusa da mai cikewa, kada ka ba shi ambulan ka tafi kasuwa. Yawancin shafukan yanzu, da an sa NIN suke janyo suna da ranar haihuwa da kansu, kuma ba sa bari a taɓa su. Ga matashinmu na Ringim, wannan ne dalilin da ya sa gyaran NIN ya zo kafin komai: da bai gyara ba, fom ɗin zai fito da 2001, takardunsa na makaranta suna cewa 2000. Sauran guraben, kamar jiha, ƙaramar hukuma, lambar jarrabawa, shekarar zanawa da darajar kowane darasi, a karanto su daga takarda, ba daga ka ba.

Wajen ɗora takardu, shafin yana faɗin nau'in fayil, PDF ko JPEG, da iyakar nauyinsa. Hoton da waya ta ɗauka yakan kai 2MB zuwa 4MB, iyakar kuwa sau da yawa 'yan ɗaruruwan KB ce, shi ya sa yake ƙin hawa. Idan aka matse shi da yawa kuma rubutun ya dushe. Bayan an rage, a buɗe fayil ɗin a faɗaɗa shi, idan ba ka iya karanta lambar jarrabawarka ba, mai dubawa ma ba zai iya ba. Kafin a danna Submit, karanta shafin dubawa daga sama har ƙasa, domin bayan nan galibi babu gyara. Sai a buga silif kwafi biyu, a ɗauki hotonsa a waya. Kada a jira makon ƙarshe, lokacin ne shafi yake cushewa.

Jarrabawar

Kusan duk manyan hukumomi a kwamfuta suke yin ta yanzu, tambaya da zaɓi huɗu. Abin da ake tambaya bai cika wuce Turanci, Lissafi, sanin ƙasa da al'amuran yau da kullum ba, sai tambayoyin fanni ga malamai da ma'aikatan lafiya. Wahalarta ba zurfi ba ne, ƙarancin lokaci ne. A ce tambaya 50 ce a minti 30, kowace tambaya daƙiƙa 36 ke gare ta. Wanda ya tsaya minti uku a kan lissafi ɗaya ya ba da tambaya biyar. Dabarar ita ce zagaye biyu: a na farko ka amsa duk wadda ka sani nan take, ka tsallake masu nauyi, a na biyu ka dawo musu. Idan umarnin bai ce ana rage maki a kan kuskure ba, kada ka bar ko ɗaya babu amsa.

Lissafin na ƙaramar sakandare ne: kaso cikin ɗari, rabo, riba da faɗuwa, matsakaici. Irin a ce an sayi buhu naira 40,000 an sayar 46,000, ribar kashi nawa ce cikin ɗari? Ribar 6,000 ce, a raba da kuɗin saye, 40,000, a ninka da 100, ya ba da 15. Masu raba ta da kuɗin sayarwa suna samun kusan 13, kuma za ka tarar an ajiye wannan amsar cikin zaɓin tana jiransu. Ka saba yin irin wannan da biro da takarda, domin ba ko'ina ake barin na'urar lissafi ba.

A sanin ƙasa akwai abubuwan da ba sa canzawa: jihohi 36 da Abuja, ƙananan hukumomi 774, sanatoci 109, 'yan majalisar wakilai 360, shiyyoyi shida, 'yancin kai a 1960, jamhuriya a 1963, ƙirƙiro jihar Kano a 1967 da Jigawa a 27 ga Agusta 1991. Sai tarihin hukumar da kake nema. Hukumomin nan huɗu na CDCFIB suna ƙarƙashin ma'aikatar harkokin cikin gida, dokar da ta kafa sibil difens ta 2003 ce, wadda ta sauya sunan gidajen yari zuwa gidajen gyaran hali kuma ta 2019. Sunayen masu riƙe da muƙamai suna canzawa, don haka a sake duba su a makon jarrabawa, kada a dogara da tsohuwar ƙasidar tambayoyin baya. Masu sauraron labaran rediyo kullum suna da riba a nan, sai dai su koyi sunayen hukumomi da muƙamai da Turanci, tunda da shi za a tambaya.

Wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, ya biya kuɗin awa biyu ko uku a kafe ya gwada jarrabawar gwaji kafin ranar. A cibiyoyin da ke amfani da tsarin JAMB ana iya yin komai da maɓallai: A, B, C, D don zaɓar amsa, N don tambaya ta gaba, P don komawa baya, S don miƙawa. A kiyayi S ɗin nan har sai an gama. Idan kwamfutar ta tsaya ko ta mutu, ɗaga hannu ka kira mai sa ido, kada ka kashe ta da kanka.

Cibiyar tana iya zama a Dutse ko cikin birnin Kano, zaman farko kuma da sassafe. Daga ƙauye gara a kwana a garin, a je a ga wurin da yamma. A tafi da silif ɗin gayyata, silif ɗin NIN da biro, waya da agogo a waje ake barin su. Wasu hukumomin kuma suna ba da jarrabawar ta intanet, mutum ya zana daga inda yake a lokacin da aka sa masa. Idan haka ne, kada a gwada a inda sabis yake zuwa yana ɗaukewa. A shiga gari, a cika caji, a tanadi data a layi biyu na kamfanoni daban, kuma kada a fita daga shafin don duba wani abu, domin tsarin yana iya rufe jarrabawar.

Tantancewa da takardar kama aiki

Wanda ya ci, sunansa a shafin hukumar yake fitowa, da lambar fom ɗinsa yake dubawa, ya buga takardar gayyata. A ranar, a jera takardu yadda gayyatar ta faɗa, na asali a fayil ɗaya, kwafi a wani. Matashinmu zai sa takardar rantsuwar suna a bayan takardar firamare kai tsaye, don mai dubawa ya ga amsar kafin ya yi tambaya. Na asali dubawa ake yi a mayar wa mutum, kada ka bar wurin sai ka ƙirga naka sun cika. A aikin kaki akan ce a zo da farar riga da gajeren wando da farin takalmin gudu, a nan ake awon tsawo da ƙirji, a duba ido da ƙafafu, a kuma yi gwajin ƙwaya. Mai shan maganin asibiti ya tafi da katin likitansa.

Tsakanin tantancewa da fitowar sunayen ƙarshe ne masu sayar da takardar kama aiki ta jabu suke kiran waya, su ambaci sunanka da lambar fom ɗinka don ka yarda, alhali daga silif ɗin da aka bari a kafe ko jerin sunayen da aka liƙa suke samo su. Takardar gaskiya daga shafin hukumar ake buga ta ko a ofishinta ake karɓa, kuma ba a biyan kuɗi. Ta jabu takan tonu ne a ranar shigar da sababbin ma'aikata tsarin albashi, lokacin da ake gwada kowane suna da jerin da hukumar ta aiko.

Idan ta gaskiyar ta zo hannu, karanta wa'adin da aka bayar na amsawa da na bayyana a wurin aiki ko makarantar horo, domin wanda ya wuce shi ana iya ba wani gurbinsa. Ka duba sunanka, matakin albashi da ranar fara aiki, idan akwai kuskure ka rubuta takardar neman gyara a makon farko, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Sabon ma'aikaci yana zaman gwaji na shekara biyu kafin a tabbatar da shi, kuma a cikin wannan lokacin hukuma tana iya aika wa makarantun da ya ambata don su tabbatar da takardunsa.